Garejin Kamfanin Inshora ko Makanikenka: Idan Gyara Ya Ɓaci, Wuyan Wa Za a Kama?

A daminar bara ƙanena ya daki bayan wata motar ɗaukar kaya a Titin Zariya da ke Kano. Bai ji ciwo ba, amma gaban Corolla ɗinsa ya lotse: bamba ta tsage, fitilu biyu sun fashe, bonet ya tankware, lagireto ya huje. Motar tana da cikakkiyar inshora, domin da rancen wurin aiki ya saye ta, kuma sai da aka sharɗanta masa hakan. An yi mata kuɗi naira miliyan 6, yana biyan 300,000 a shekara, wato kashi 5 cikin ɗari, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade tun farkon 2023.

Da ya kai rahoto, kamfanin ya ba shi zaɓi biyu. Ko dai ya kai motar ɗaya daga cikin garejojin da suke hulɗa da su, su gyara su miƙo masa makulli, ko kuwa ya kawo ƙiyasin kuɗin gyara daga wurin makanikensa, injiniyansu ya duba, su ba shi kuɗi a hannu. A daren nan ya zo gidana ya ce, "Yaya, wanne zan ɗauka?" Na ce masa ya bi wanda ya sani. Shawarar nan ita ta sa nake wannan rubutu, domin na ba da ita ne ban tambayi abin da ya fi komai muhimmanci ba: idan aikin bai yi kyau ba, wa zai ɗauki nauyi?

Zan fara da hujjar masu cewa a kai wa makaniken gida, don ita ce ta fi kusa da zuciyarmu, kuma ba hujjar banza ba ce. Mutumin da ya yi shekara 7 yana taɓa motarka ya san ta kamar yadda mai ɗaki ya san inda ɗakinsa yake yoyo. Ya san ƙarar da aka saba ji da wadda ta zo sabuwa. Kana iya zuwa ka zauna a kan benci a gefensa ka ga abin da ake cirewa da abin da ake sakawa, ka bi shi Ƙofar Ruwa ku zaɓi kaya tare, ka ɗaga fitila ka duba kunnuwanta ko an taɓa liƙe su. Kuma akwai kunya a tsakani. Zai gan ka a masallaci, zai gan ka a ɗaurin aure, kuma kai ka kawo masa rabin masu hulɗa da shi. A garejin kamfani kuwa motarka lamba ce a takarda, kuma wanda mai garejin yake tsoron ɓata wa rai shi ne kamfanin da ke turo masa motoci duk wata, ba kai da ka zo sau ɗaya ba. Kamfanin nan shi ne ya matse shi a farashi tun farko. Wanda aka matse a farashi, a wani wuri zai fanshe, kuma galibi a inda ido ba ya gani.

Akwai kuma maganar kaya. Mai tsohuwar mota sau da yawa ya fi son kayan Beljiyom, wato na asali da aka ciro daga wata motar, a kan sabo ɗan kwaikwayo da ke sheƙi a kwali. Makanikenka zai bi ra'ayinka a nan. Garejin kamfani zai bi abin da aka rubuta masa a takardar aiki.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ƙanena ya bi. Makanikensa ya haɗa kai da wani fanal bita da mai fenti, suka fitar da ƙiyasin naira 980,000. Injiniyan kamfanin ya zo ya leƙa, ya ɗauki hotuna, ya koma ofis ya zaftare shi zuwa 720,000. Ya rage kuɗin fitilu, ya ce bonet a buga shi ba sai an canza ba, ya kuma soke kuɗin da aka rubuta na jan ƙarfen gaba a kan benci, ya ce aikin guduma ne. Daga 720,000 ɗin aka cire kason da takardar inshorar ta ɗora wa mai mota a kowane haɗari, kashi 10 cikin ɗari a tasa yarjejeniyar, wato 72,000. Abin da ya shigo asusunsa 648,000 ne. Kafin a tura, sai da ya sa hannu a takardar sallama, wadda ta ce ya karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe a kan wannan haɗari. Ya sa hannu motar tana nan a kwance, ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba.

Tsakanin 980,000 da 648,000 akwai giɓin 332,000, kuma ba shi da su. Sai ya ce wa makanike, "Oga, ga abin da suka ba ni, a yi dabara." Aka yi dabara. Mota ta fito bayan kwana 12 tana ƙyalli, har na yaba.

Bayan wata 2 jiki ya fara magana. Idan ya saki sitiyari a miƙaƙƙen titi, motar tana janyewa dama. Tayar gaba ta dama ta cinye ta gefen ciki har zare ya fito, alhali ɗaya gefen ko rabi bai ci ba. An kai ta wurin saita ƙafa sau 2, ana saitawa tana komawa. A ƙarshe wani dattijon fanal bita ya ɗauki tef ya auna gaban motar a gicciye, daga wata ƙusa ta hagu zuwa takwararta ta dama, sannan ya juya ya auna ɗaya gicciyen. A motar da ƙashinta yake daidai, awon nan biyu ba sa saɓawa da fiye da milimita 3 ko makamancin haka. A tasa an sami bambancin da ya kai faɗin ɗan yatsa. Ƙarfen shasi na dama ya karkace, an gasa shi da wutar gas an buga da guduma har bamba ta sami wurin zama, aka shafe da baƙin fenti. Wannan ya fi cin taya muni. Ƙarfen nan an ƙera shi ne don ya naɗe a hankali ya shanye duka idan an yi karo, kuma wuta tana kashe masa ƙarfi. Motar da aka yi wa haka tana iya tafiya shekaru lafiya, sai ranar da aka sake yin karo za a san abin da aka rasa.

Ya koma kamfanin inshora. Amsarsu gajeriya ce: kai ka zaɓi mai gyara, mu kuɗi muka biya, ga sa hannunka. Ya koma wurin makanike, shi kuma ya ce, "Alhaji, ai na rubuta kuɗin benci, su suka soke. Da abin da ka ba ni na yi aiki." Fanal bitan da ya yi aikin da hannunsa ma bai san ƙanena ba, makanike ne ya ɗauko shi.

A nan ne hujjar ɗaya ɓangaren take da nauyi. Wata dillaliyar inshora da ta daɗe a harkar, wadda muka je neman shawararta bayan aikin gama ya gama, ta warware mana ita da sauƙi. Ta ce takardar cikakkiyar inshora galibi tana ba kamfani zaɓi: ya biya kuɗin ɓarnar, ko ya gyara motar, ko ya maye ta da wata. "Idan ya zaɓi biyan kuɗi," in ji ta, "alkawarinsa kuɗi ne, da ya biya ya sauke. Idan kuwa ya zaɓi gyara, ya tura ka garejinsa, to alkawarinsa ya koma mota gyararriya. Garejin hannunsa ne kawai. In hannu ya yi ɓarna, mai hannun ake tambaya." Wato abin da mutum yake samu a garejin kamfani ba lallai ƙwarewa ce da ta fi ta makanikensa ba. Abin da yake samu shi ne wanda zai kama, mai ofis da lasisi, wanda akwai hukuma a kansa. A Birtaniya, ofishin da ke sasanta ƙorafin masu hulɗa da bankuna da kamfanonin inshora a kan wannan ƙa'ida yake tafiya: in kamfani ne ya zaɓi garejin, shi ake ɗora wa alhakin ingancin gyaran, in kuwa kai ka nace a kan naka, yawanci kai da shi ne. A Najeriya mai ƙorafi yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin NAICOM tana da sashen karɓar koke a kan kamfanonin da take sa wa ido.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Ɓarnar karo ba ta bayyana duka sai an kwance gaba. Idan motar tana garejin kamfani aka buɗe aka ga ƙarfe ya karkace, mai garejin zai kira injiniya ya dawo, a rubuta ƙarin ƙiyasi, a ci gaba da aiki. Wanda ya riga ya sa hannu a takardar sallama ya karɓi kuɗi ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Sai dai kada a ɗauka garejin kamfani aljanna ce. Wata abokiyar aikina ta kai tata, ƙofa biyu da gefen baya aka goge mata. Ta yi mako 5 tana hawan adaidaita sahu, ana ce mata ana jiran amincewa daga babban ofis. Da motar ta fito, a inuwa launi ɗaya ce, a rana kuwa ƙofofin sun fi sauran jiki duhu. Bayan zafin bazara fentin gefen baya ya tsattsage kamar busasshen tabki, domin maimakon a buga ƙarfen ya dawo daidai, an cika ramin da fila mai kauri aka fesa fenti a kai. Ta kira kamfanin, wani ma'aikaci ya ce mata, "Hajiya, ki je ku daidaita da garejin." Ta ƙi. Ta rubuta wasiƙa, ta haɗa da hotuna da saƙon da kamfanin ya turo mata tun farko mai ɗauke da sunan garejin da umarnin ta kai motar can, ta ce in ba a gyara ba za ta kai kuka gaba. An sake aikin ba ta biya ko sisi ba, amma sai da ta ƙara rasa motar kwana 10. Labarinta yana goyon bayan kowane ɓangare: aikin garejin kamfani bai fi na bakin titi ba, amma ita ta sami wanda ta kama, ƙanena bai samu ba. Kuma abin da ya cece ta saƙon nan ne. Da baki aka ce mata "gwada wurin wane", da an ce shawara aka ba ta, ba umarni ba.

Da muka tattauna wannan a majalisarmu ta bayan magariba, wani abokina ya ce ai maganar mai sauƙi ce, duk wanda ya biya kuɗin gyara shi ke da alhaki. Ya kusa gaskiya amma bai kai ba. Kamfani yana iya tura kuɗi kai tsaye asusun makanikenka, wannan bai mayar da shi ma'aikacinsu ba. Abin dubawa shi ne wa ya zaɓe shi, wa ya ba shi umarnin aiki. Wani maƙwabci kuma ya karɓe zancen da zafi, ya ce shi shekara 3 yana biyan inshora, da ya faɗa kwalbati ko kallonsa ba su yi ba. Da aka bincika, tasa ta naira 15,000 ce, wadda doka ta wajabta. Ita wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har zuwa naira miliyan 3 a kan dukiya, ba ta taɓa gyara motar mai ita. Ya yi shiru, sannan ya ce to in wani ne ya buge shi fa? A nan yana da magana, domin wanda aka buga ba shi da yarjejeniya da kamfanin wanda ya buge shi, saboda haka sharuɗɗan takardarsu ba su ɗaure shi ya kai motarsa garejinsu ba, ko da yake za su yi jayayya a kan kuɗin.

To shi makaniken gida, babu abin da ke wuyansa ke nan? Akwai, kuma ba sai mun je Turai neman hujja ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce babin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, inda mazhabar Malikiyya ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu suka keɓanta da su. Dalilin da malamai suke bayarwa shi ne maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, kuma ba sa nan lokacin da ake aikin. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ita ma ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Haƙƙin yana nan. Matsalar ita ce karɓarsa. Babu rasit, babu rubutaccen bayanin abin da aka yi alkawari, aikin ya ratsa hannun mutum 3, kuma mutumin da za ka kai ƙara shi ne wanda ya taɓa fitowa da tsakar dare ya janyo ka daga hanyar Wudil. Kunyar da na ce tana tsare ka daga ha'incinsa, ita ce kuma take hana ka neman haƙƙinka. Iyakar abin da yawancinmu muke yi shi ne mu kai kuka wurin shugaban garejin ko shugabannin ƙungiyar makanikai, a ba mu haƙuri, a raba asara.

Abin da har yau ban gamsu da shi ba shi ne matsayin kamfanin a lamarin ƙanena. Gaskiya ne shi ya zaɓi mai gyara. Amma injiniyansu ne ya soke kuɗin benci, ya ce guduma ta isa, kuma a daidai wurin da ya soke ne aikin ya lalace. Wanda ya yanke yadda za a yi aiki, yana iya wanke hannunsa daga sakamakon? Dillaliyar ta ce da bai sa hannu ba, da yana da magana mai ƙarfi, domin kuskuren ƙiyasi nasu ne, ba na makanike ba. Ta ce ko yanzu yana iya rubutawa ya ce ɓarna ce ɓoyayya da ba a gani ba lokacin sallama, amma ba ta yi masa alkawarin nasara ba. Makaniken ma ban wanke shi ba. Da ya buɗe ya ga ƙarfe ya karkace, abin da ya kamata shi ne ya ajiye guduma ya kira mai mota ya ce wannan kuɗi ba zai yi aikin nan ba. Ya zaɓi ya faranta masa rai a ranar, ya bar shi da motar da yake ɗaukar 'ya'yansa zuwa makaranta a ciki.

Da yau za a sake tambayata, ba zan ba da amsa ɗaya ga kowace ɓarna ba. In abin ya tsaya a fata, bamba ko fitila ko ƙofar da ta lotsa, kuma motar ta kwana biyu, makanikenka ya ishe ka, domin aibin irin wannan aiki ido yana ganinsa, gyaransa kuma ba ya karya mutum. Amma in dukan ya kai ga shasi ko ƙafa, ko jakar iska ta fashe, ko motar sabuwa ce da garantin dila bai ƙare ba, zan ce a bar kamfani ya ɗauki gyaran da kansa, a kuma nemi abu biyu a rubuce: cewa su suka tura ka garejin, da tsawon lokacin da suka lamunce aikin. In mutum ya nace a kan nasa duk da haka, to ya sa a kwance gaban motar kafin injiniya ya zo, ya kasance makaniken yana tsaye ana duba ƙiyasin layi bayan layi, kuma kada ya karɓi adadin da mai aikin bai ce zai isa ba.

Ko a wane gareji aka yi, ranar karɓar mota ita ce ranar da mai ita yake da ƙarfi, kuma a garejin kamfani ma akan miƙo takardar gamsuwa a ce ya sa hannu. Kada ya je da magariba. Ya fito da motar rana ya zagaya ta, ya duba tazarar da ke tsakanin bonet da gefuna biyu ko ɗaya ce. Ya naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ya bi wurin da aka gyara, in jikin na ƙarfe ne, inda ya ƙi kamawa fila ce ta yi kauri. Ya murɗa makulli ya kalli fitilar jakar iska: daidai shi ne ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta zauna a kunne akwai matsala, in kuwa ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don ɓoye matsalar. Sannan ya hau titi mai kyau ya ji ko tana ja gefe, ya bar ta a kunne da na'urar sanyi ya ga ko zafi zai hau.

Ƙanena ya rubuta wasiƙar, ya haɗa da ƙiyasin farko mai layin da aka soke da hoton awon dattijon nan. An amsa cewa ana dubawa. Motar kuwa ya kai ta wurin masu benci da kuɗin aljihunsa, sun yanke ɓangaren ƙarfen da aka gasa sun sa wani, kuma makanikensa ya yafe kuɗin aikin hannu na kwancewa da mayarwa. Har yanzu shi yake yi masa juyen mai.